Yadda Ake Zaɓen Tsaron Rauta: WEP, WPA, WPA2 Ko WPA3?

Kawuna yana da shagon buga takardu da kwafi a Birnin Kebbi, irin wanda ɗalibai ke cika lokacin rijista. Wata Asabar ya kira ni, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Kai yaro, zo ka duba mini wanga abu. Datar wata guda na saka, ko kwana goma sha biyu ba ta yi ba." Da na je na buɗe shafin rautar, wato na'urar da ke raba waifai a shagon, na'urori goma sha ɗaya na tarar a kanta, alhali na shagon bakwai ne. A gurbin tsaro kuwa an zaɓi WEP, makullin kuma lambar wayar Kawu ce aka cire mata sifilin farko. Lambar nan tana rubuce ɓaro-ɓaro a allon ƙofar shago.

Wanda ya haɗa masa rautar ba mugunta ya yi ba. Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a lungu da ta ƙi hawa waifai, ya yi ta sauke tsaron har ya kai inda ta yarda, ya tafi abinsa. Saboda kwamfuta guda aka bar ƙofar shago duka a buɗe. Abin da na yi a ranar shi ne zan bi da kai daki-daki, don yawancin rautocin gida da shago tsarinsu kusan ɗaya ne.

Kafin ka taɓa komai

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke hawa waifai ɗinka. A shagon Kawu mun lissafa laftof biyu, tsohuwar kwamfutar nan, firinta, na'urar cirar kuɗi, wayar Kawu da ta yaron shago. Wannan lissafin shi zai yanke maka hukunci daga baya, domin ba rauta kaɗai ke zaɓen tsaro ba, sai na'urar da za ta hau ta iya yaren da rautar ke yi.

Sannan ka nemi kebul ka haɗa laftof da ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta wa `LAN` a bayan rautar. Dalili kuwa, da zarar ka sauya tsaro ka adana, duk wanda ke kan waifai za a watso shi waje, har da kai. In ka yi kuskuren harafi guda a sabuwar kalmar sirri kuma ba kebul, ka kulle kanka a waje ke nan. Mai ƙaramar rautar aljihu da ba ta da rami zai iya haɗa ta da laftof ta wayar caji a mafi yawan samfura, in kuma hakan bai yiwu ba, to ya rubuta kalmar a takarda kafin ya danna komai. Ka kuma duba wuta. Kada ka fara aikin nan a lokacin da ka san ana iya ɗaukewa rautar tana tsakiyar adanawa. Mu sai da aka tada janareta.

Shiga shafin rautar

Juya rautar ka duba sitikar da ke ƙasanta. A nan ake rubuta adireshin shiga, galibi `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, wasu masu ɗaukar layin waya kuma `192.168.8.1`. In sitikar ta goge, a kwamfuta mai Windows ka buɗe `cmd` ka rubuta:

```
ipconfig
```

Lambar da ke gaban `Default Gateway` ita ce adireshin. Ka rubuta ta a burauza, can sama inda ake sa adireshin shafi, ba a akwatin bincike ba.

Zai tambaye ka suna da kalmar shiga. A nan mutane da yawa ke rikicewa: wannan ba kalmar waifai ba ce, ta mai gida ce, wadda ake shiga ɗakin saiti da ita. Ta Kawu `admin` ce a gurbi biyun, yadda ta fito daga kwali. Ma'ana duk wanda ya hau waifai ɗin yana iya shiga ya karanta ko ya sauya komai. In taka ma haka take, sauya ta yanzu. In an sauya kuma an manta, sai danna ɗan ramin `Reset` da tsinke kamar daƙiƙa goma, amma ka sani hakan na goge duk saitin da ke ciki, har da na kamfanin da ke ba ka intanet, don haka kar ka yi gaggawarsa.

Bayan ka shiga, nemi `Wireless` ko `WLAN` ko `Wi-Fi Settings`, a ƙarƙashinsa akwai `Security` ko `Security Mode`. Ɗauki hoton shafin da wayarka yadda ka same shi, ko da za ka so komawa.

Abin da sunayen nan ke nufi

WEP shi ne dattijonsu. Tare da ƙa'idar waifai ta farko ya zo a 1997. Gane shi ba wuya: zai ce ka zaɓi `64-bit` ko `128-bit`, makullin kuma dole ya zama daidai gurbi 10 ko 26 na lambobi da haruffan A zuwa F, ko kuma haruffa 5 ko 13 na yau da kullum. Shi ya sa lambar Kawu ta shiga cif da aka cire sifili.

To amma matsalar WEP ta wuce makulli mai sauƙin cinka. Ko da Kawu ya sa gurbi 26 da ba mahaluƙin da zai iya hasashensu, da bai tsira ba, kuma ga dalili. Duk ƙunshin saƙon da ke fita daga na'ura zuwa rauta, WEP yana ɗaukar makullinka ya manna masa wata 'yar lamba a gaba, sannan ya rufe saƙon da haɗin biyun. 'Yar lambar nan ana aika ta ne a fili, kowa na iya gani, kuma gajera ce, duka-duka kala miliyan 16 da 'yan kai take da su. Da jin miliyan 16 za ka ce da yawa, amma a shagon da ake ta loda takardu, lambobin kan fara maimaituwa cikin ɗan lokaci. A 2001 wasu masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa wanda ya tara ƙunshin saƙonni masu yawa zai iya lissafo makullin kansa daga cikinsu. Zuwa 2007 an kai ga hanyar da dubban gomomin ƙunshi kawai take buƙata, abin da ake tarawa cikin mintuna. Ba cinka ake yi ba, lissafi ne, shi ya sa tsawon makulli ba ya hana shi. Kamar kwado ne da in ka tsaya kana kallon mai shi yana buɗewa sau da yawa, sai ka iya yanka irin makullinsa. Tun 2004 masu tsara ƙa'idar suka ce a daina amfani da shi, sababbin rautoci da yawa ma sun cire shi daga jerin.

WPA na farko ya fito a 2003 a matsayin faci. An so abin da tsofaffin na'urori za su iya ɗauka ba tare da an sauya ƙarfensu ba, sai aka ƙirƙiro `TKIP`, wanda ke sauya makulli a kan kowane ƙunshi amma injin rufewarsa na WEP ne. Ya yi aikinsa a zamaninsa, shi ma an yi masa ritaya a 2012.

WPA2 ya zo a 2004 da sabon injin rufewa gaba ɗaya, wato `AES`, wani shafin zai rubuta `CCMP`, abu ɗaya suke nufi a nan. Daga 2006 duk na'urar da ke son tambarin shaidar waifai dole ta iya shi. Wannan shekarar ka riƙe ta, domin tana nufin kusan duk abin da ke hannunka yau ya iya WPA2.

WPA3 kuma na 2018 ne, za mu dawo kansa. Kalmar `Personal` ko `PSK` da kake gani a gaban sunayen tana nufin kalmar sirri guda ce kowa ke shiga da ita, shi ne na gida da shago. `Enterprise` na manyan ma'aikatu ne masu kwamfutar tantance kowane mutum da sunansa. In ka zaɓe shi zai tambaye ka adireshin `RADIUS`, ka san ka yi ɓatan kai, koma baya.

Zaɓen kansa

Rautar Kawu tsohuwa ce, ba ta san WPA3 ba. Abin da ke jerinta shi ne `Disable Security`, `WEP`, da `WPA/WPA2-Personal`. Na zaɓi na ukun, sai wasu akwatuna biyu suka bayyana, kuma a nan ne tarkon yake. Na farko `Version`, mai `Auto` da `WPA-PSK` da `WPA2-PSK`. Na biyu `Encryption`, mai `Auto` da `TKIP` da `AES`. Na sa `WPA2-PSK` a na farko, `AES` a na biyu.

Me ya sa ban bar su a `Auto` ba, tunda shi ne mai karɓar kowa? Saboda karɓar kowa ita ce matsalar. `Auto` ko `TKIP+AES` yana barin ƙofar `TKIP` a buɗe, kuma saƙonnin da rauta ke watsa wa dukkan na'urori lokaci guda da shi za a rufe su, don kowa ya iya karantawa har da mafi rauni. Akwai kuma batun gudu. Ƙa'idar waifai ta 2009 zuwa sama ba ta yarda a yi babban gudu da WEP ko `TKIP` ba, duk na'urar da ta hau da su ba za ta wuce 54 Mbps tsakaninta da rauta ba. Gaskiya in intanet ɗinka na layin waya ne, mai yiwuwa ba za ka ji bambancin a lilo ba, don layin kansa sau da yawa bai kai hakan ba. Inda ake ji shi ne tura manyan fayil daga laftof zuwa wata kwamfutar ko firinta a cikin shago.

In rautarka sabuwa ce, jerin zai fi kama da `WPA2-PSK`, `WPA2/WPA3-Personal`, da `WPA3-Personal` ko `WPA3-SAE`. Don ka zaɓa da ilimi, sai ka san raunin WPA2 guda ɗaya da ya shafe ka. Duk lokacin da waya za ta hau, ita da rauta sukan yi musayar saƙo huɗu, kamar musabaha, don tabbatar da cewa kalmarsu ɗaya. Wanda ke kusa yana iya naɗar musabahar nan, ya tafi gida da ita, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi a kanta dare da rana ba tare da rautarka ta sani ba. Ba ya iya lissafo kalmar kamar na WEP, sai ya cinka daidai. Abin da WPA3 ya gyara ke nan: naɗar musabaharsa ba ta da amfani, duk gwaji guda sai an zo an yi shi da rautar kai tsaye.

Saboda haka in duk na'urorin da ka lissafa sababbi ne, sa `WPA3-Personal`. Wayoyi masu Android 10 zuwa sama da iPhone masu iOS 13 zuwa sama galibi sun iya, laftof kuma sai katinsa na waifai ya iya, ba Windows kaɗai ba. Ga yadda za ka tambaye shi:

```
netsh wlan show drivers
```

Duba jerin da ya fito, in ka ga `WPA3-Personal` to ya iya. In kana da cakuɗe, sababbi da tsofaffi, gwada `WPA2/WPA3-Personal`. Sai dai kar ka ɗauka ka sami cikakkiyar kariyar WPA3, tunda kalma ɗaya ce a ƙofofin biyu, kuma mai naɗa ta ƙofar WPA2 zai bi. Wasu firintoci da kyamarorin tsaro masu araha ma ganin cakuɗen kawai kan ruɗa su, su ƙi hawa ko su riƙa sauka. A gidana da ke da sabuwar rauta haka wata kyamara ta yi mini, na mayar da bangaren `2.4GHz` zuwa `WPA2-PSK` da `AES`, na bar `5GHz` a cakuɗe, rigima ta mutu. Wannan ma abin lura ne: rauta mai bangare biyu tana iya ba kowanne shafin tsaronsa, ka gyara ɗaya ka manta ɗayan.

Ni dai a ganina, `WPA2-PSK` da `AES` shi ne ƙasan da ba a sauka daga gare shi. Sama da shi in na'urori sun yarda, madalla. Ƙasa da shi, a'a.

Kalmar sirri

Tunda cinka ce hanyar fasa WPA2, nauyin duka ya koma kan kalmar. Ƙa'ida ta yarda da haruffa 8 zuwa 63. Kawu ya ce to a mayar da lambar wayarsa da sifilinta, ai yanzu an sa mai ƙarfi. Na ce, "Kawu, ko ba a allo take ba, ba ta yi." Lambobin Najeriya 11 ne, huɗun farko sanannu ne, irin su 0803 da 0806 da 0703, saura bakwai ke nan, wato gwaji miliyan goma a kan kowane mafari. Wannan ba aiki ba ne ga kwamfuta. Haka sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, haka sunan shago da 123.

Abin da ya fi shi ne kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, a haɗa su da lamba. Misali irin `kifi-tabarma-47-rakumi-gishiri`, amma kar ka ɗauki wannan, ƙirƙiri taka. Karin magana ko baitin da kowa ya sani bai dace ba. Ka kuma guji haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, domin ƙa'idar da haruffan boko na gama-gari aka tsara ta, kuma a ɗan allon firinta ba za ka same su ba.

Kafin ka bar shafin, nemi `WPS` ka kashe. Hanya ce ta hawa waifai da 'yar lamba maimakon kalmar sirri. Lambarsa gurbi 8 ce, amma yadda rauta ke duba ta rabi-rabi ya sa gwaji 11,000 ya isa a gano ta, kamar yadda aka bayyana a 2011, kuma wanda ya gano ta rautar da kanta za ta miƙa masa kalmar sirrinka komai tsawonta. Ɓoye sunan waifai da tace na'urori ta `MAC Filter` kuwa ba sa maye gurbin komai a cikin abin da muka faɗa, ban ma ɓata lokaci a kansu ba.

Sai ka danna `Save` ko `Apply`, ka ba rautar minti ɗaya ko biyu.

Mayar da na'urori, ɗaya bayan ɗaya

Wayar yaron shago ta fara ƙi. Ta tsaya a kan `Saved` ba ta gaba. Ba lalacewa ta yi ba, tsohon tsaron ta riƙe a ƙarƙashin sunan nan. Magani shi ne ka danna sunan waifai ɗin ka zaɓi `Forget`, sannan ka hau kamar baƙo. A laftof za ka iya yin haka da umarni, ka sa sunan naka a tsakanin alamun:

```
netsh wlan delete profile name="SunanWaifai"
```

In na'urorin suna da yawa, sauya sunan waifai ɗin gaba ɗaya ya fi sauƙi, kowace za ta gan shi sabo.

Ka koyi bambance ƙin hawa iri biyu. In na'ura ta karɓi kalma ta yi jim sannan ta ce `Incorrect password` ko `Authentication problem`, fara da zargin yatsanka, musamman babban baƙi da ƙarami. In kuwa ba ta ma nuna sunan ba alhali sauran na gani, ko ta ƙi nan take kuma ka tabbata kalmar daidai ce, to ko dai ba ta iya nau'in tsaron ba, ko kuma `2.4GHz` kaɗai take gani. Firintar Kawu sai da muka shiga `Wireless Setup Wizard` a ɗan allonta muka shigar da kalmar harafi-harafi, yaron na karantowa ina dannawa. Ta hau, amma laftof ya ce ba ya ganinta, saboda rautar ta ba ta sabon adireshi. Cire ta muka yi daga jerin firintoci muka sake ƙarawa. Na'urar cirar kuɗi ba ta yi gardama ba.

Don tabbatar da cewa abin da ka zaɓa shi ke aiki, cire kebul, hau ta waifai, ka rubuta:

```
netsh wlan show interfaces
```

Layi biyu za ka duba. `Authentication` ya nuna `WPA2-Personal` ko `WPA3-Personal`, `Cipher` kuma ya nuna `CCMP`. In ka ga `TKIP`, koma akwatin `Encryption`. A laftof ɗin Kawu `Receive rate (Mbps)` ya tashi daga 54 zuwa 72. Mai iPhone kuma zai ga rubutun `Weak Security` da ke ƙarƙashin sunan waifai ya ɓace.

Tsohuwar kwamfutar lungu

Ita dai ta ƙi, kamar yadda muka zata. Katinta na waifai ya girmi WPA2, jerin da ta nuna WEP ne kawai. Kawu ya ce, "To mi za a yi da ita? Duk takardun mutane na ciki." Hanyoyi uku ne. Ko a ja mata kebul daga rauta, ko a saya mata ɗan katin waifai mai shiga ramin filashi wanda ya iya WPA2, bayan an tabbatar yana da direba, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, wanda zai yi da tsohuwar manhajarta, ko kuma a raba ta da intanet baki ɗaya a riƙa kai mata aiki a filashi. Tazararta da rautar bai fi taku huɗu ba, sai muka ja kebul ta bayan kabad, yaron ya kafe shi da 'yan ƙusoshi a jikin bango. Nan take ta hau, ta ma fi yadda take da.

Saura ɗalibai masu cewa a ɗan ba su waifai su turo takarda. Da zarar ka ba mutum guda kalmar, ta zama ta unguwa, domin wayoyin yanzu na nuna ta a hoton lamba mai murabba'i da aboki zai ɗauka cikin daƙiƙa, kuma wannan ba WPA2 ko WPA3 da ke hana shi. Rautar Kawu tana da `Guest Network`, sai na kunna shi da nasa sunan da tasa kalmar, shi ma `WPA2-PSK` da `AES`, na cire alamar da ke ba baƙi damar ganin na'urorin cikin shago. Na nuna wa yaron inda zai riƙa sauya kalmar baƙin duk ranar Asabar, da kuma shafin `DHCP Clients List` inda zai ƙirga waɗanda ke kai. Da muka duba kafin la'asar, bakwai ne, shida ta iska, ɗaya ta kebul.